Aikin Hanɗa a Furucin 'Yan Hanci

Idan mutum ya bi rufin bakinsa da kan harshe daga bayan haƙora, zai tarar da wuri mai tauri, watau ganɗa. Bayanta kuwa akwai nama mai taushi wanda ya ƙare da beli. Wannan ita ce hanɗa, ita ce kuma ƙofar da ke tsakanin maƙogwaro da kogon hanci. In ta ɗaga ta manne da bangon maƙogwaro, iskar huhu ba ta da mafita sai baki. In ta sauko, sai iska ta sami hanya ta hanci.

A dubi kalmomin *bashi* da *mashi*. Wajen furta *b* da *m* duka leɓɓa a haɗe suke, tantanin maƙwallato kuma yana kaɗawa. Bambancinsu ɗaya ne tak. A *b* hanɗa tana sama, sai iska ta taru a baki har leɓɓa su sake ta. A *m* hanɗa tana ƙasa, iska tana zurarewa ta hanci, shi ya sa ana iya jan sautinsa muddin da sauran numfashi. Wanda mura ta toshe wa hanci kuwa, in ya ce *mashi* sai a ji kamar *bashi*.

Shi wasali ba a tare masa iska a baki. Saboda haka in hanɗa ta sauko sa'ad da ake furta shi, iska takan rabu biyu, wata ta baki, wata ta hanci, sai amonsa ya dushe kaɗan. Haka yakan faru a *can* da *mutum*, domin hanɗa takan fara saukowa tun wasalin bai ƙare ba. Amma a Hausa wannan naso ne kawai daga baƙin da ke biye, ba ya sāke ma'ana.

A Yarabanci ba haka abin yake ba. *Kú* shi ne mutuwa, *kún* kuwa cika. Harafin *n* ɗin nan alama ce kurum cewa a saukar da hanɗa. Babu wani baƙi bayan wasalin. Nan ne ɗalibi Bahaushe yakan yi tuntuɓe, ya ɗaga doron harshe ya taɓa hanɗa, kamar yadda ya saba a ƙarshen *can*, sai ya ƙara baƙin da babu shi.

Ga yadda malami zai gane. A sa ɗalibi ya ja ƙarshen kalmar, sa'an nan ya matse hancinsa da yatsu biyu. In sautin ya yanke, baƙi ya furta, gama baki a rufe yake. In ya ci gaba amma amonsa ya sāke, wasalin hanci ne, ya dace. In kuwa babu abin da ya canja, to, hanɗa ba ta sauko ba, *kú* ya faɗa.