Daga ƙwarya zuwa kanti: yadda ake shirya man kaɗe don sayarwa

Man kaɗe ba baƙo ba ne a gidajenmu. Tun kaka da kakanni mata ke tsintar 'ya'yan kaɗanya da damina, su dafa, su shanya, su daka, su soya, su niƙa, sannan su yi ta bugun ƙullin da ruwa har mai ya taso. Abin da ya canza shi ne kasuwa. A da, mai saye tana zuwa ta ga dunƙulen a ƙwarya, ta shinshina, ta lakata ta murza a bayan hannu. Yanzu tana Abuja ko Legas, hoto kawai ta gani a waya, kayan kuma sai sun kwana a bayan mota kafin su isa gare ta. Tun da gwamnatin Najeriya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida a watan Agustan 2025, domin a riƙa sarrafa shi a cikin gida, maganar zuba man a roba a sayar ta ƙara shiga bakin mutane, musamman a jihohin Neja, Kwara da Kebbi inda bishiyar ta fi yawa.

Mai son shiga wannan sana'a takan fara da tunanin suna mai daɗi da sitika mai sheƙi. A ganina wannan shi ne aikin ƙarshe. Zafin ƙasarmu da halin man kansa su ne ke yanke hukunci a kan irin robar da za a saya, da yawan abin da za a zuba, har da abin da za a rubuta a jiki.

A fara da man. Abu biyu ke kashe man kaɗe tun kafin ya bar gida: ruwa da tsufan ƙwallo. Idan ba a dafa man ya tsane sosai ba, ragowar ruwan da ke ciki kan jawo fumfuna da wari cikin 'yan makonni. Gwajinsa ba wuya. A ɗebi cokali ɗaya a narkar a kan wuta kaɗan. Idan yana tartsatsi da ƙara, akwai ruwa, idan kuwa ya narke shiru ya zama garau, ya tsane. Ƙwallon da ya daɗe a jiƙe kafin a dafa shi, ko wanda ya fara tsiro, yana ba da mai mai maƙaƙi da hamami, kuma babu turaren da zai rufe wannan har abada. Wanda aka busar da hayaƙi shi ma yana ɗauko ƙauri, masu saye daga waje kuma suna ƙin sa. Ƙa'idar ɗanyen man kaɗe da hukumar Codex ta amince da ita ga nahiyar Afirka a 2017 ta sa man daraja ta ɗaya kada ruwansa ya wuce kashi 0.05 cikin ɗari. Wato a kilo goma, giram biyar kacal. Ƙaramar mai sana'a ba ta da na'urar auna wannan, amma adadin ya isa ya nuna mata cewa ɗigon ruwa daga jiƙaƙƙen ludayi ba ƙaramin abu ba ne. Tukunyar ƙarfe mai tsatsa ma a guje ta, domin ƙarfe yana gaggauta lalacewar mai; a yi aiki da tukunyar silba mara tsatsa da matacin yadi mai tsabta.

Sai tambayar kaya nawa za a fito da su. Shawarata kada su wuce uku da farko: zallar man kaɗe, haɗin shafawa mai laushi, da man jiki na ruwa a kwalba. Dalili ba tsoro ba ne, lissafi ne. Kowane kaya yana da robarsa, da sitikarsa, da rajistarsa daban a hukuma. Mai fitowa da kaya goma rana ɗaya ta ɗaure jarinta a cikin robobin da ba ta san ko za su tafi ba.

Bari mu bi haɗin shafawa daki-daki, mu ɗauki kilo biyar. Man kaɗe giram 4,000, man ruwa kamar na riɗi ko na zogale giram 925, bitamin E giram 25, turaren da aka yi don shafawa a fata giram 50. Komai a ɗora shi a sikeli, ban da awon gwangwani ko cokali, domin sai da sikeli ne haɗin watan gobe zai zo daidai da na yau. A narkar da man kaɗen a kwano da aka ɗora cikin tukunyar ruwan zafi, ba kai tsaye a kan wuta ba, har sai babu ko ƙwayar da ta rage. A sauke, a zuba man ruwan, a bari ya huce ya zama ɗumi kafin a sa bitamin E da turare, saboda zafi yana korar ƙamshi.

Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Idan aka bar haɗin ya daskare a hankali a cikin ɗaki mai ɗumi, sashen man mai tauri yakan riga sauran daskarewa, ya taru ƙwaya-ƙwaya, sai mai shafawa ta ji kamar tsaki a fatarta. Man bai lalace ba, amma mai saye za ta ce an gauraya mata shi da wani abu. Maganinsa sanyaya shi da sauri: a riƙa juyawa har ya fara kauri, a zuba a robobi, a sa a firiji na awa ɗaya ko biyu. Kada a rufe murfi da sauran ɗumi a ciki, domin tururi zai taru a ƙasan murfin ya ɗigo, ruwan da aka sha wahalar kora ya dawo. Daga kilo biyar, a robar giram 200, lissafi ya ce 25, amma wanda ya maƙale a kwano da mataci zai ci kusan guda. A sa farashi a kan 24, kuma a cire ɗaya a ajiye, za mu zo kan dalilin.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne ɗaukar bitamin E a matsayin maganin ƙwayoyin cuta. Aikinsa jinkirta tsufan mai ne kawai. Muddin haɗin mai ne zalla, hakan ya wadatar. Amma ranar da aka zuba ruwa, ko ruwan alobera, ko madara, an shiga wata sana'a dabam da ke buƙatar sinadarin hana ruɓewa da gwaji a ɗakin bincike. Mai farawa ta tsaya a mai zalla.

Bugaggen man kaɗe, wanda ake bugawa da injin haɗa kek har ya yi kumfa, yana da kyau a hoto, kuma mata suna son laushinsa. Matsalarsa iska ce ta cika shi. Man kaɗe yana fara narkewa da zafin da bai wuce na jikin mutum ba, alhali da bazara Sakkwato da Maiduguri sukan haura digiri 40, bayan mota kuwa ya fi haka. In ya narke a hanya, iskar ta fice, robar da ta bar Minna a cike sai ta isa Kano rabi. Nauyin bai ragu ba, amma wa zai tsaya yi wa mai saye wannan bayani bayan ta riga ta yi fushi? Ko dai a sayar da bugaggen a cikin gari da lokacin sanyi, ko a rubuta gargaɗin ƙarara a jiki. Man ruwa kuma matsalarsa ta hunturu ce: man kwakwa yana daskarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 24, don haka kwalba mai siririn baki da aka cika da shi ba za ta zubo ba da safiyar Janairu a Jos ko Zariya. Man riɗi ba ya yin haka.

Wajen zaɓen roba, a juya gindinta a duba alamar da ke ciki. Mai lamba 5, wato PP, tana jure ɗumi kuma mai ba ya cin ta. Mai lamba 1, wato PET, garau take, kaya suna kyau a ciki, amma tana lanƙwashewa in an zuba mata mai da zafi, haske kuma yana ratsa ta ya tsofar da man. Kwalba mai ruwan ƙasa ta fi kowa kare mai, sai dai nauyi da fashewa a tasha. Baki ya zama mai faɗi yadda yatsu za su kai ƙasa, kuma a sami wadda ke da faifai na ciki a ƙarƙashin murfi. Kafin a sayi dozin-dozin, a sayi uku a gwada: a cika, a rufe, a kifa su a kan farar takarda a bar su yini guda cikin mota da ke ajiye a rana. Tabon mai a takarda ya gama magana.

Akwai kuma rikicin mililita da giram. Masu sayar da roba da mililita suke kiranta, amma mai ya fi ruwa rashin nauyi. Robar mililita 250 tana ɗaukar kusan giram 225 na man da aka narkar aka zuba, bugagge kuwa ƙasa da haka sosai. Wadda ta rubuta giram 250 don haka aka ce mata sunan robar, ta yi tauye a mudu ba da saninta ba. A ɗora robar wofi a sikeli, a mayar da shi sifiri, a zuba, a rubuta abin da sikeli ya nuna.

Sitikar takarda ba ta yi. Mai yana ratsa ta, ta yi dabbare-dabbare, tawada ta goge a hannu. A ce wa mai ɗab'i ya buga a kan sitikar leda mai hana ruwa, a kuma goge jikin robar da sifirit kafin a manna, in ba haka ba gefenta zai ɗago cikin kwana kaɗan.

Abin da za a rubuta ba zaɓi ba ne. A Najeriya kayan shafawa suna ƙarƙashin NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, kuma tana son ganin sunan kaya, jerin abubuwan da ke ciki daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, nauyi, suna da adireshin mai yi, lambar rukunin da aka haɗa, ranar yi da ranar ƙarewa, yadda za a ajiye, da lambar rajistar hukumar. Bayanin dole ya kasance da Turanci, amma babu abin da ya hana a ƙara Hausa a gefe, kuma ya kamata a ƙara. A jerin kayan haɗi, sunan man kaɗe da duniya ta sani shi ne Butyrospermum Parkii Butter. Kafin a je NAFDAC sai an yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, sannan a cike buƙata a shafin NAPAMS. Kada a buga sitika dubu kafin hukuma ta duba samfurin, domin gyaran layi ɗaya zai mayar da su shara. Aron lambar wani kuwa, ko ƙirƙiro ta, laifi ne da ke kai mutum kotu. A Gana aikin na hukumar FDA ta ƙasar ne.

Lambar rukuni ita ce aka fi rainawa. Ba ta da wuya: haɗin ranar 14 ga Satumba 2025 ya zama 250914. A rubuta ta a littafi tare da wurin da aka sayo man da nauyin kowane abu, a ajiye waccan roba ɗaya da muka cire. In wata ta kira bayan wata huɗu ta ce nata ya yi wari, sai a buɗe ta ajiya. In ita ma ta yi, laifin rukunin ne, a janye shi; in lafiyarta lau, ajiyar mai saye ce. Waɗannan robobin ajiya su ne kuma za su nuna ainihin tsawon rayuwar haɗin, maimakon kwafo "shekara biyu" daga jikin kayan wasu.

A kiyayi alƙawarin da ya wuce gona da iri. "Yana laushin fata" magana ce ta kayan shafawa. "Yana warkar da ƙyasbi, basir da ciwon gaɓoɓi" da'awar magani ce, kuma tana da tata rajista da nata sharuɗɗa. Man kaɗe ba ya sa fari. Robar da ta yi alƙawarin hasken fata cikin mako ɗaya, ko ƙarya take yi, ko an zuba mata sinadarin bilicin. Mai saye da ta ga irin wannan rubutu a jikin man kaɗe, ta mayar da shi kan kanta ta nemi wani.