Saƙon da Zai Sa Manaja Ya Tuna da Kai

Duk wanda ya taɓa leƙa taron baje kolin guraben aiki ya san yadda ake ƙarewa. Da la'asar manaja na naɗe allon kamfani, muryarsa ta dushe, ga tulin takardun masu neman aiki a kwali. Fuskoki sun cakuɗe masa. Kai kuwa ka koma gida da katinsa a aljihu, kana ganin kun saba. Gaskiya ba ku saba ba tukuna, sai ka rubuta masa.

Ka rubuta washegari, kada ya wuce kwana 2. In an yi mako, hirar ta bi ruwa.

Inda matasanmu suka fi faɗuwa shi ne cikin saƙon. Sai ka ga doguwar gaisuwa, da "ni ne wanda muka haɗu jiya", da roƙon a taimaka don Allah. Mutum nawa ya haɗu da su jiya? Abin da zai fito da kai daga cikin taro shi ne wata magana da ku biyu kaɗai kuka yi.

A ce wata ɗaliba ta karanta aikin gona, ta tsaya a teburin wani kamfanin casar shinkafa. Manajar ta koka cewa ana kawo musu shanshera da danshi, alhali suna so kada danshin ya wuce kashi 14 cikin 100. Ga imel ɗin da ya dace, da kanun "Haɗuwarmu a baje kolin ranar Talata: batun danshin shinkafa":

"Ranki ya daɗe, barka da gajiya. Ni ce wadda muka yi maganar shanshera mai danshi a teburinku. Na ce miki a aikina na kammala digiri na gwada shanya a tamfol da a daɓe. Kin ambaci gurbin mai duba inganci, kin ce a cike fom a shafinku. Na cike jiya da dare, ga kuma takardar tarihin karatuna. Ko zan samu minti goma mu yi waya a mako mai zuwa? Na gode."

Dubi yadda ta tuna mata da matsalar da ke damunta, ta nuna ta bi umarni, ta nemi abu ɗaya mai sauƙin amsawa. Idan da Turanci kuka yi hirar, da shi za ka rubuta.

Hattara da ƙari. In cewa ya yi "za mu duba", kada ka rubuta "kamar yadda ka yi mini alkawari". Yana karantawa zai ja baya. Kada kuma ka afka masa a WhatsApp, balle da saƙon murya, sai in shi ya ba ka izini.

Idan ka ji shiru, jira mako guda ko biyu, ka sake tuntuɓa sau ɗaya a ƙarƙashin saƙon farko. Kuma tun a filin taron, kana barin teburi, juya katin ka rubuta a bayansa abin da kuka tattauna.