Tauraro da dalta: yadda ake kwance lissafin gadar lantarki

Rizista biyu idan suna jere, tara su ake yi. Idan kuma suna kafaɗa da kafaɗa, a ninka su a raba da jimlarsu. Amma akwai haɗin da waɗannan dabaru biyu ba sa ci, wato gada, irin wadda Charles Wheatstone ya yaɗa a 1843. Rizista biyar ne, kuma na tsakiya ya hana sauran zama jere ko kafaɗa da kafaɗa.

Mafitar ta fito ne daga Arthur Kennelly a 1899. Rizista uku da suka yi zobe mai kusurwa uku, ana ce musu dalta. Uku da suka haɗu a cibiya ɗaya kamar harafin Y, su ne tauraro. Ana iya musanya ɗaya da ɗaya, sauran haɗin bai ga bambanci ba.

Ga gada mai mahaɗa huɗu, batir yana tsakanin A da B. Daga A zuwa C om 20, A zuwa D 30, C zuwa D 50, C zuwa B 20, D zuwa B 15. Na farkon uku dalta ne, jimlarsu 100. Kowace ƙafar tauraro, a ninka rizista biyun da suka taɓa mahaɗarta, a raba da jimla:

```
RA = 20×30/100 = 6
RC = 20×50/100 = 10
RD = 30×50/100 = 15
```

Nan take gada ta warware. Ƙafar C da 20 na ƙasanta sun ba da 30, ƙafar D da 15 su ma 30. Biyun suna kafaɗa da kafaɗa, wato 15. A ƙara 6, gada duka om 21 ce.

Komawa dalta kuwa, a ninka ƙafafun bibbiyu a tara: 60 da 150 da 90, wato 300. Sai a raba da ƙafar da ke nesa da gefen da ake nema. Gefen A zuwa C, ƙafar D ce ba ta taɓa shi, don haka 300/15, ga 20 ya dawo. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, su raba da ƙafar kusa. Shi ya sa nake son a riƙa gwadawa: tsakanin A da C tauraro ya ba da 16, dalta ma 20 kafaɗa da 80 ya ba da 16. In ba su zo ɗaya ba, akwai kuskure.

Sai dai dabarar tana ɓoye abin da ke gudana cikin rizistan tsakiya, tunda ya ɓace daga zanen. Mai son saninsa sai ya koma ta ƙarfin wuta a mahaɗai. Da bolt 21, amfiya 1 ke shiga, rabi rabi a kowane reshe. C na kan bolt 10, D na kan 7.5, ratar 2.5 a kan om 50 ta tura amfiya 0.05 daga C zuwa D.