Do, Re, Mi: Yadda Ake Karanta Waƙa Daga Takarda

Da yammacin Asabar a majami'u da dama na Jos ko Kaduna, shugaban mawaƙa yakan raba wa jama'arsa takarda mai ɗauke da haruffa kamar d, r, m, f, s. Ba wanda ya taɓa jin waƙar, amma kafin a tashi mutum talatin sun rera ta da muryoyi huɗu. Wannan shi ne solfa, dabarar da ke sa mutum ya kalli rubutu ya fitar da karin waƙa daga bakinsa ba tare da an fara rera masa ba.

Tushen abin a Italiya yake, kusan shekara dubu da suka wuce. Wani malamin coci mai suna Guido na garin Arezzo, wajen shekarar 1025, ya gaji da yadda yara ke shafe shekaru suna haddar waƙoƙin ibada ɗaya bayan ɗaya. Sai ya lura da wata waƙar yabon Yohanna Mai Baftisma wadda kowane layinta ke farawa da sautin da ya ɗara na baya da mataki ɗaya. Ya ɗauki gaɓar farko ta layuka shida ya raɗa wa sautukan suna: ut, re, mi, fa, sol, la. A wata wasiƙa tasa ya ce abin da ake shekara goma ana koyo, yanzu shekara ɗaya ko biyu ta ishe shi. Daga baya aka ƙara sauti na bakwai, kuma a ƙarni na 17 aka sauya ut da do saboda ya fi daɗin ja a baki.

Salon da ya iso Afirka kuwa a Ingila aka gyara shi. Wata malama a Norwich, Sarah Glover, ita ta fara koya wa yara waƙa da haruffan farko na sunayen. Wani fasto, John Curwen, ya ɗauki aikinta tun daga 1841 ya faɗaɗa shi, masu wa'azin mishan kuma suka kawo shi makarantu da majami'un Najeriya, Ghana da Afirka ta Kudu. Ya samu wurin zama har Yarbawa suna koya wa yara karin harshensu da shi: do ga na ƙasa, re ga na tsakiya, mi ga na sama.

To, me ya sa sunaye bakwai kawai ke yin wannan aiki? Sautukan kamar matakan tsani suke, kuma sunan kowane yana faɗin nisansa daga do, matakin tushe. A salon Curwen do ba shi da wuri ɗaya. Idan waƙa ta yi wa mawaƙa sama, sai a ɗauki do a ƙasa kaɗan, sauran matakan su biyo shi, nisan da ke tsakaninsu bai canja ba. Saboda haka wanda kunnensa ya riƙe tsalle daga do zuwa so sau ɗaya, zai gane shi a kowace waƙa. Ba sabuwar hadda yake yi kullum ba, abin da ya riga ya sani yake sake jerawa. A Faransa da Italiya kam do sauti ɗaya ne tak a jikin fiyano, ba ya motsi, wanda ya fi amfanar makaɗa fiye da sabon mawaƙi.

Ga gajeren darasi irin wanda malami zai rubuta a allo:

```
| d :m | r :f   | m :s  | s :- |
| l :s | f.m :r | t, :r | d :- |
```

Kowane gida tsakanin sanduna biyu bugu biyu ne, ɗigo biyu kuma su ke raba bugun farko da na biyu. Ɗigo ɗaya, kamar a f.m, yana nufin sauti biyu sun raba bugu guda. Karan kwance na nufin a ja sautin da ya gabata har bugun ya cika. Waƙafin da ke gindin t yana nuna ti na ƙasa, wanda ke ƙarƙashin do.

Ƙwararren malami ba ya barin ɗalibi ya faɗa wa layin gaba ɗaya. Da farko a buga do a fiyano, kowa ya kama shi, a rera do, mi, so, a sauko, don kunne ya zauna. Sannan a tafa bugun da hannu ana faɗin sunayen kamar magana, ba rerawa. Sai a nemo wuraren tsalle kafin a iso su. A nan layin farko tsalle ne na ƙetare mataki ɗaya: do zuwa mi, re zuwa fa, mi zuwa so. Wanda ya kasa kama fa daga re, sai ya rera re, mi, fa a hankali, sannan ya haɗiye mi a zuci ya furta biyun kawai. Bayan haka a rera duka a hankali, ba tsayawa ko an yi kuskure. Kalmomin waƙa su ne na ƙarshe, sai karin ya zauna daram.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne fa da ti. Matakan tsanin ba daidai suke ba: tsakanin mi da fa, da tsakanin ti da do, rabin mataki ne kawai. Yawancin waƙoƙin gargajiya na ƙasar Hausa a kan sautuka biyar suke tafiya, ba su cika bi ta waɗannan ƙananan matakai ba, don haka sabon ɗalibi yakan ɗaga fa fiye da kima, ko ya bar ti ya yi ƙasa. Maganinsa shi ne a ji fa yana jingine da mi, ti kuma yana manne da do. Curwen ya sa wannan a alamomin hannunsa: dunƙulen hannu do ne, yatsa mai nuna ƙasa fa ne, mai nuna sama kuma ti.

Gane kuskure ba wuya. In an kai ƙarshen layi na biyu, a sake buga do ɗin farko. Idan muryar ta faɗa daidai a kansa, an tsira. Idan ta tsaya a ƙasa da shi, to an zame a hanya, galibi wajen saukowa daga la zuwa re, inda mawaƙa ke faɗaɗa mataki ba su sani ba.

Solfa yana da iyakarsa. Waƙar da ke yawan canja tushe a tsakiya tana tilasta wa mai karatu ya sauya do, kuma nan sabon ɗalibi ke rikicewa. Haruffan ba sa ɗaukar lanƙwasar murya da zamiyar da mawaƙin gargajiya ko mai bege ke yi, waɗannan sai a bakin gwani. Mai son zama makaɗin fiyano kuma dole wata rana ya koyi rubutun kiɗa na layuka biyar.

Mai son farawa ba ya buƙatar kayan kiɗa masu tsada. Ya fara da do, mi, so kaɗai na minti goma a kullum, ya ƙara re da la idan sun zauna, ya bar fa da ti zuwa ƙarshe. Sannan ya ɗauki waƙar da ya riga ya iya, ya gwada rubuta ta da haruffan, ya ba wani ya rera masa don ya ji ko rubutun ya yi daidai.