Lambobi Biyu a Jikin Moto: Yadda Ake Gano Ƙarfin Murɗawarsa

Duk moton lantarki da ke juya injin niƙa, ko famfon ruwa, ko zarton katako, yana da ɗan farantin ƙarfe a manne a gefensa. Sau da yawa ƙura da baƙin mai sun rufe shi, sai an goge da tsumma rubutun zai fito. Mai saye yakan duba lamba ɗaya kawai, ya ce, "Doki nawa ne?" Da an ce masa doki goma, shi ke nan, ciniki ya faɗa. Amma moto biyu na iya zama doki goma-goma, ɗaya ya juya injin niƙa cike da masara ba tare da ya ji a jikinsa ba, ɗayan kuma ya yi ta gurnani yana ɗaukar zafi har kwayil ya ƙone. Abin da ya bambanta su shi ne ƙarfin murɗawa, wanda galibi ba a rubuta shi a farantin, sai dai a lissafo shi.

Ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfin da sandar moto ke juya abu da shi. Ana auna shi da Nm, wato niyuton-mita. Ƙarfin aiki kuwa, wanda ake rubutawa da kW ko HP, ya haɗa abu biyu ne: ƙarfin murɗawar da kuma saurin juyawa. Saboda haka idan ƙarfin aiki ɗaya ne, moton da ya fi gudu shi ne ya fi raunin murɗawa.

Lambobi biyu ake nema a farantin: na kusa da kW, da na kusa da rpm, wato juyi nawa sandar ke yi a minti ɗaya. Ga ƙa'idar:

```
T = 9550 × P ÷ n
```

A nan P ƙarfin aiki ne a kW, n juyi ne a minti, T kuma ƙarfin murɗawa a Nm. Ita 9550 ba daga sama ta faɗo ba. Kilowat ɗaya wat 1000 ne, minti ɗaya daƙiƙa 60 ne, juyi ɗaya kuma cikakkiyar da'ira ce, wadda masu lissafi ke ƙirgawa 6.283. Idan aka ninka 1000 sau 60 aka raba da 6.283, za a sami kusan 9550. An dunƙule waɗannan sauye-sauyen ne wuri guda don sauƙin aiki.

Mu ɗauki moto mai layin wuta uku, irin wanda ake yawan gani a shagunan niƙa, an rubuta masa 7.5 kW da 1450 rpm. Shi ne ake kira doki goma, domin doki ɗaya wat 746 ne, goma kuwa 7.46 kW.

```
9550 × 7.5 = 71625
71625 ÷ 1450 = 49.4 Nm
```

To, mene ne 49.4 Nm a zahiri? A ce an ɗaura wa moton fuli mai faɗin santimita 20. Daga tsakiyar sanda zuwa bakin fulin santimita 10 ne, wato mita 0.1. Idan aka raba 49.4 da 0.1 za a sami niyuton 494, wanda ya yi daidai da nauyin kusan kilo 50. Ke nan moton na jan bel da ƙarfin da zai ɗaga buhun siminti guda, kuma yana yin haka ba tsayawa, yana juyi 1450 a kowane minti. Wannan shi ne cikakken lodinsa, iyakar abin da aka ƙera shi ya ɗauka na sa'o'i ba tare da zafinsa ya wuce kima ba.

Yanzu a ajiye wani moton kusa da shi, shi ma 7.5 kW, amma farantinsa ya ce 2900 rpm. Raba 71625 da 2900, sai ka sami 24.7 Nm, rabin na farko daidai. Idan moton farko ya lalace aka maye gurbinsa da wannan, aka bar fulin yadda yake, injin niƙan zai nemi gudu ninki biyu, alhali ƙarfin da ke juya shi ya ragu da rabi. Da an zuba hatsi sai gudu ya faɗi, moton ya shiga zuƙar wuta fiye da ƙima, ba da jimawa ba a ji ƙaurin kwayil. Mai shago zai ce an sayar masa da jabu, alhali moton lafiyarsa ƙalau, aikin ne ba nasa ba. A ganina wannan kuskuren ya fi kowane tsada, kuma lissafin minti ɗaya ya isa ya hana shi.

Ana iya amfani da mai gudun, in an gyara fuli. Bel ba ya ƙara ƙarfin aiki, amma yana musanya gudu da murɗawa. Idan fulin injin ya ninka na moto faɗi sau biyu, gudun zai ragu da rabi, murɗawa kuma ta ninka, ban da ɗan abin da bel ke ci. Moton 2900 da irin wannan haɗin zai ba injin juyi 1450 da kusan 49 Nm.

Akwai wuraren da masu koyo ke tuntuɓe. Na farko, zuba lambar doki a ƙa'idar kamar kilowat ce. Wanda ya sa 10 maimakon 7.5 zai sami kusan 66 Nm, ya ɗora wa moton abin da ba zai iya ba. A fara ninka doki da 0.746 tukuna. Na biyu ya fi dabara. Wutarmu a Najeriya da Nijar mai 50 Hz ce, kuma a kanta filin maganaɗisun da ke cikin irin wannan moton yana juyi 1500 a minti. Sandar ba ta taɓa kamo shi, kullum tana ɗan baya, kuma tazarar na ƙaruwa idan lodi ya ƙaru. Shi ya sa farantin ya ce 1450. Da wannan lambar ake lissafi, domin ita ce gudun moton lokacin da yake ɗauke da cikakken lodi. Haka kuma kW ɗin farantin ƙarfin da ke fita ta sanda ne. Wanda moton ke sha daga waya ya fi haka, tunda wani kaso na tafiya a zafi.

Sai dai lissafin yana da iyaka. Amsar da ya bayar ta moton da ya riga ya kama gudu ne, kuma yana samun wuta cikakkiya. Lokacin tashi daban ne: moto irin wannan yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da ya saba, shi ya sa ake tayar da injin niƙa babu hatsi a ciki, sai ya kama gudu a fara zubawa. Raunin wuta ma yana cin ƙarfinsa sosai. Idan ƙarfin wutar ya ragu da kashi 10 cikin 100, iyakar murɗawar da moton zai iya yi takan ragu da kusan kashi 19, kuma zai ƙara jan wuta don ya riƙe lodin.

Ba kowa ke da na'urar auna murɗawa ba, amma mai gyaran lantarki yana da mitar da ake maƙalawa a waya. A farantin akwai lamba kusa da harafin A, wadda ga moton 7.5 kW a kan 400 V takan kai wajen 15. A auna kowane layi daga cikin ukun yayin da injin ke niƙa. Idan mitar na nuna 15 ko ƙasa da haka, lodin bai wuce 49.4 Nm ɗin da aka lissafa ba. Idan ta tsaya a 18 ko 19, a rage zubin hatsi, a duba ƙarfin wutar da ke shigowa, sannan a sake auna faɗin fulin biyu.