Jawabin biki da Faransanci: inda kawun amarya kan yi tuntuɓe

A Yamai, idan amarya 'yar Maraɗi ce, ango kuma danginsa sun taso daga Dakar ko Abijan, Faransanci ne harshen da zai haɗa kowa a wurin liyafa. Ɗaurin aure an gama shi tun da safe a gaban liman. Da yamma sai a miƙa wa kawun amarya makirfo, a ce ya yi magana da yawun dangi.

Minti uku sun ishe shi, wato kalma ɗari huɗu ko ƙasa da haka idan yana magana a natse. Gaisuwa ce farko, kuma a tsarin Faransanci mata ake fara ambata, Mesdames, sannan Messieurs. Daga nan ya gaida iyayen ango da suka sha hanya, ya faɗi matsayinsa ga amarya cikin jimla guda.

Wurin da aka fi samun tangarɗa shi ne wakilin suna. Faransanci yana da tu na sabo da kusanci, da vous na jam'i da girmamawa, kamar yadda Bahaushe ke ce wa babba "ku". Surukai da manyan baƙi vous ne nasu, babu sassauci. Amma idan kawu ya juyo ga yarinyar da ta tashi a hannunsa, ya ba da ɗan labarin yadda take kai wa kakarta abinci kullum bayan makaranta, to tu ne ya dace. In ya ce mata vous, sai ta zama kamar baƙuwa a ofis, zumuncin ya huce. Idan ya haɗa ango da amarya kuma, ya koma vous, domin su biyu ne. Mai sauraro yana gane an kuskure da zarar aikatau ya saɓa: an fara jimla da vous avez, an ƙare ta da tu as, alhali da mutum ɗaya ake magana. Shi ya sa na fi son mutum ya rubuta jawabin, ya karanta da ƙarfi a gida.

Sai rufewa. Jawabin biki a Faransa yakan ƙare da ɗaga kofin giya. Wanda ya kwafo jawabi ido rufe zai tsinci kansa yana kiran alhazai su ɗaga kofi, wuri ya yi tsit. A cire wannan, a yi wa ma'aurata fatan heureux ménage, a sa addu'a da Hausa: Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

A bikin suna ma tsarin ɗaya ne. Faransancin Nijar da Senegal yana kiran bikin sunan Musulmi baptême, don haka baƙo daga Turai zai so jimla guda da ke bayyana masa yankan rago da raɗa suna a rana ta bakwai. Mai jawabi ya yi wa maijego barka, kada kuma ya furta sunan jariri sai liman ya sanar.