Wa ke da sunan garba? Gaskiya da jita-jita kan rajistar sunan haja a Abijan

A tsakanin 'yan kasuwarmu na Adjamé da Treichville ana yawan cewa duk wanda ya yi rajistar kasuwancinsa ya mallaki sunan da ya rubuta a allon shagonsa. Ba haka abin yake ba. Takardar RCCM da ake samu wajen buɗe kamfani shaida ce cewa kai ɗan kasuwa ne a idon hukuma. Sunan da ka buga a jikin kwalin sabulu ko buhun shinkafa kuwa rajistarsa daban ce, kuma hukumar OAPI da ke Yawunde a Kamaru ita ke ba da ita, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. A Abijan ana iya shigar da takardu ta ofishin OIPI.

Masu cewa rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe da yawa sun faɗi gaskiya: ƙasashe 17 ne, har da Nijar, Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Cadi. Amma babu Najeriya, babu Gana. Wanda kayansa ke sauka Maraɗi yana da kariya, mai kai su Kano sai ya yi wata rajistar a Najeriya. Rajistar OAPI tana aiki na shekara 10, ana sabuntawa, kuma idan aka yi shekara 5 a jere ba a amfani da sunan, ana iya neman a soke ta.

Jita-jitar da ta fi cin kuɗin mutane ita ce wai sunan da ya faɗi abin da kake sayarwa shi ya fi ƙarfi, tun da mai saye zai gane nan take. A talla yana da amfani, a shari'a kuwa shi ne mafi rauni. Dubi garba, wato acake da soyayyen kifin tuna da ake ci ko'ina a Abijan, wanda ake danganta asalin sunansa ga Hausawan Nijar masu sayar da shi. Yau garba sunan abincin ne kansa. Da za a ba mutum ɗaya shi, da sauran masu rumfuna sun rasa abin da za su kira sana'arsu. Saboda haka doka ta hana a mallaki kalmar da ta zama sunan haja na gama-gari, kuma a ganina adalci ne ga talaka mai ƙaramin jari.

A ce wata hajiya a Treichville tana haɗa sabulun man kaɗe, ta sa masa suna "Sabulun Kaɗe Mai Kyau". Kalma ta farko irin hajar ce, ta biyu abin da aka haɗa ta da shi, sauran kuwa yabo ne. Babu wadda ke nuna hannun wa sabulun ya fito. Gobe maƙwabciyarta ta buga "Sabulun Kaɗe Na Asali", hajiya ba ta da bakin magana, domin ita ma gaskiya ta faɗa game da kayanta. Ko da an karɓi rajistar saboda zane da launin da ke tare da sunan, zanen ne ya samu kariya, kalmomin suna nan na kowa.

Da ta ƙirƙiro suna marar ma'ana, misali "Zumeka", da labarin ya sake. Babu mai sabulun da ke buƙatar wannan kalma don bayyana hajarsa, don haka wanda ya fito da "Zumeko" a kwali mai kama da nata zai sha wuyar gamsar da alƙali cewa dace aka yi. Haka George Eastman ya yi a 1888 da ya ƙago Kodak. Tsadar irin wannan suna ita ce sai ka yi haƙuri ka koya wa kasuwa shi. Ga hanya mai sauƙi ta gwada naka: tambayi kanka ko abokin gasarka zai iya faɗin kalmar a kan kayansa ba tare da ya yi ƙarya ba. In zai iya, sunan mai rauni ne.

Ana kuma cewa mai rajista ya kulle kalmar a kan kowace haja. A'a. An kasa kaya da ayyuka aji 45: sabulu yana aji na 3, atamfa na 24, shinkafa na 30. Kariyar hajiya tana bin kayan da ta ambata da masu kama da su. Sanannun sunaye ne kawai ke wuce wannan iyaka.

Sai masu cewa "ai kowa ya san ni na fara". A tsarin OAPI wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai suna, sai in an tabbatar ya san kana amfani da shi, kuma lokacin yin wannan ƙorafi gajere ne. Shi ya sa ake bincika ko wani ya riga ka, a shigar da takarda, sannan a ba mai buga kwali aiki.